Sharhi: Yadda Injin Sayar da Lemo Ke Karɓar Kuɗi Daga Wayar Hannu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda tafiya ta kai shi filin jirgin sama na Landan ko tashar jirgin ƙasa ta Tokyo ya ga irin injin nan mai fuskar gilashi, wanda aka jera wa ruwan gora da lemo da biskit, babu mai tsaro a kusa da shi. A da sai ka jefa masa sulalla kafin ya ba ka kaya. Yanzu mutum zai kara wayarsa a jikin wata 'yar na'ura, a ji ƙara kit, gora ta faɗo. Abin da za mu duba yau shi ne abin da ke faruwa a cikin daƙiƙun nan uku ko huɗu, da kuma dalilin da ya sa wani lokaci a kan cire kuɗi gora ta ƙi faɗowa.

Da farko dai, ko sisi ba ya shiga cikin injin. Abin da yake jira kalma ɗaya ce daga banki, wato na amince. Wanda ya riƙe wannan zai gane sauran bayanin cikin sauƙi.

Bari mu ɗauki misali. Gorar ruwa dala 2, tana layi na uku, mai saye yana riƙe da wayar da ya riga ya shigar da katinsa na banki a cikinta. 'Yar na'urar da ke manne a gaban injin tana da naɗin zaren jan ƙarfe a bayan alamar da aka zana mata, kuma naɗin yana fitar da ƙarfin maganaɗisu a kan zangon megahaz 13.56. Ita ma wayar tana da nata naɗin. Idan suka kusanci juna, kamar santimita 4 ko ƙasa da haka, sai su fara magana. Wannan ita ce fasahar da za ku gani an rubuta NFC a saitin wayarku. Gajartar zangon da gangan aka yi ta, don kada wanda ke wucewa a gefe ya biya wa wani kuɗin lemo bai sani ba.

To me wayar ke faɗa wa na'urar? Ba ta ba ta lambar katin nan ta gaskiya mai lamba 16. Tun ranar da aka shigar da katin a Apple Pay ko Google Wallet, kamfanin katin, Visa ko Mastercard, ya ba wayar wata lambar madadi wadda ba ta aiki sai a wannan wayar. Sa'an nan a kowane ciniki wayar na haɗa wani hatimi na lissafi, daga adadin kuɗin da wata lambar da na'urar ta jefo a take da kuma lissafin cinikin da wayar ta yi a baya. Hatimin sau ɗaya yake aiki. Ko da ɓarawo ya naɗe duk abin da ya wuce tsakanin waya da na'ura, ya ɗauki tikitin da aka riga aka yage ne. Shi ya sa a ganinmu kara waya ya fi goga kati aminci, musamman a injin da ke tsaye shi kaɗai cikin dare, inda kowa zai iya maƙala masa abin satar lamba. Ga kuma zanen yatsa ko fuska da wayar ke nema kafin ta buɗe, wanda ke tsayawa a madadin lambar sirri, tunda yawancin irin waɗannan na'urori ba su da wurin danna ta.

Mutane da yawa na zaton sai wayarsu na da data kafin ta biya. Ba haka ba ne. Wayar iPhone na ajiye sirrinta a wani guntun ƙwaƙwalwa na musamman, ita kuma Android kan tanadi wasu 'yan makullai da za su ishe ta ciniki kaɗan kafin ta bukaci sabo. Wanda ke bukatar sabis shi ne injin. A cikin na'urar akwai sim irin na waya, kuma ta nan take tura lambar madadin da hatimin zuwa kamfanin da ke karɓar wa mai injin kuɗi. Daga can saƙon ya wuce ga kamfanin katin, wanda zai mayar da lambar madadin zuwa ta gaskiya, sai ya isa bankin mai saye. Banki ya duba hatimi, ya duba asusu, ya ce ya amince ko bai amince ba. Amsar ta biyo hanyar da ta je ta dawo.

A nan ne labarin ke da daɗi, domin na'urar karɓar kuɗi da injin kansa ba abu ɗaya ba ne. Sau da yawa kamfanoni daban ne suka ƙera su, kuma injin na iya girmar na'urar da shekara goma sha biyar. Kebul ne ya haɗa su, suna magana da wata tsohuwar ƙa'ida ta masu wannan sana'a da ake kira MDB, wadda da ita injin ke magana da akwatin sulalla da abin karɓar takardar kuɗi. Ƙwaƙwalwar injin ce shugaba. Ita ke zagayawa tana tambayar kowace na'ura ko tana da labari, babu mai magana sai an tambaye shi. Idan mai saye ya danna lambar gorarsa, injin zai ce wa na'ura: ana neman kayan dala 2. Na'ura ta ce an amince. Sai injin ya kunna ƙaramar motar da ke bayan layi na uku, ta juya murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke riƙe da kayan zagaye ɗaya, gora ta turo gaba ta faɗa. A ƙasa akwai wani haske da ido ba ya gani, ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Idan gora ta gitta shi, injin ya sanar da na'ura cewa kaya sun fita. Sai a lokacin ne ake tabbatar da cire dala 2.

Yanzu mu ce gorar ta maƙale tsakanin ƙarfe da gilashi, abin da kan faru idan mai zuba kaya ya sa ta a karkace ko ya sa babbar gora a layin ƙanana. Haske bai ga komai ba. Wasu injinan za su ƙara juya ƙarfen kaɗan su gwada, idan abin ya ƙi sai su ce wa na'ura ciniki bai yiwu ba, ita kuma ta tura wa banki a soke. Amma mai saye ya riga ya ga alat a wayarsa. Masu sauraronmu na Najeriya sun san wannan ciwon a wurin mai POS, an cire kuɗi kuma takarda ta fito ta ce ba a biya ba. Kuɗin ba su tafi wurin mai injin ba, banki ne ya riƙe su, kuma sakinsu na iya ɗaukar mintuna ko 'yan kwanaki, ya danganta da bankin. Inda ake asara ta gaske shi ne tsohon injin da ba shi da wannan hasken. Shi da zarar mota ta juya ya ɗauka an gama, ko gora ta faɗo ko ba ta faɗo ba. A irin wannan hali babu abin da zai dawo da kansa. Sai a ɗauki lambar injin da ke jikin takardar da aka manna masa, a rubuta lokaci da adadin kuɗi, a kira mai shi.

Akwai kuma abin da ke tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili. A wasu injinan sai ka kara waya tukuna kafin ka zaɓi kaya. Tunda na'ura ba ta san abin da za ka ɗauka ba, sai ta sa banki ya riƙe wani adadi da ya fi farashin, a ce dala 5. Ka ɗauki ruwan dala 2, ka ga dala 5 a waya, ka ce an cuce ka. Ka dakata. Idan aka kammala lissafi dala 2 za ta tsaya, sauran ukun su koma. Hanyar ganewa ita ce a duba manhajar banki, in an rubuta cewa cinikin na jiran kammalawa, to riƙo ne, ba cirewa ba.

Idan kuwa ka kara waya ba ka ji ko ƙara ba, matsalar ba ta kai banki ba tukuna. Naɗin iPhone yana can saman wayar, na yawancin Android kuma yana baya, tsakiya ko kusa da kyamara, don haka wurin ya kamata ya hau kan alamar, a kuma riƙe na daƙiƙa biyu ba a fizge ba. Rigar waya mai ƙarfe na tare shi. Katin banki da aka cusa a bayan rigar shi ma yakan rikita na'ura, ta ga kati biyu ta rasa na ɗauka. Amma idan ta yi ƙara sa'an nan ta tsaya tana ta juyi har ta ce a sake gwadawa, galibi sabis ne ya yanke mata, abin da ya zama ruwan dare a injinan da aka ajiye a ƙarƙashin gini. A shekarar 2022, da manyan kamfanonin sadarwa na Amurka suka kashe layin 3G, dole masu injina suka canza tsofaffin na'urorinsu, in ba haka ba su koma sulalla zalla.

Injin biyan kuɗin ajiye mota kuwa, wanda aka fara kafa irinsa a birnin Oklahoma a 1935, yana da wata hanya ta biyu da ta sha bamban. A birane da yawa na Birtaniya direba zai buɗe manhaja kamar RingGo ko PayByPhone, ya shigar da lambar wurin da aka rubuta a allo, da lambar motarsa, da tsawon lokacin da yake so. Wayar ba ta yi magana da injin da ke bakin titi ba sam, kuma ba zai fitar da tikiti ba. Bayanin yana can a rumbun kamfanin, ma'aikacin da ke zagayawa kuma lambar mota yake dubawa a na'urar hannunsa. Saboda haka harafi ɗaya da aka kuskure, ko sifiri a wurin harafin O, ko manta canza lambar motar da aka ara, ya isa a ci mutum tara alhali ya biya.

Sai kuma batun hoton QR. Ƙananan hukumomi da dama a Birtaniya sun gargaɗi direbobi cewa 'yan damfara na manna nasu hoton a jikin injinan ajiye mota, wanda ke kai mutum shafin bogi ya karɓe lambar katinsa. A shafa da yatsa a ji ko takarda ce aka liƙa a kan wata. In da hali ma a bar hoton, a buɗe manhajar kai tsaye, a buga lambar wurin da hannu, sa'an nan a duba sunan titin da ya fito a waya ko shi ne wanda motar ke tsaye a kai kafin a danna biya.