Ciwon wuya bayan hatsarin mota: wanne ne na jira, wanne ne na gudu asibiti?

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganar ciwon wuya da na saman baya za mu yi, wanda yake biyo bayan hatsari a titi.

Mu ɗauka kana cikin mota an tsaya a danja, wani ya taho ta baya bai ci burki da wuri ba ya daki motarku. Kowa ya fito, an duba bamba, an ɗan yi cacar baki an rabu, kai kuma ka taɓa jikinka babu jini babu karaya kace Alhamdulillah ka wuce gida. Da dare ka fara jin ƙeya tana ɗaurewa. Da asuba ka zo sallame sallah, ka juya dama da ƙyar, hagu kuwa wuyan yaƙi sam sai da ka haɗa da kafaɗa. Toh a nan ne hankalin mutane yake tashi, wai ai jiya lafiya ƙalau nake, me ya faru cikin dare?

Abin da ya faru tun a wajen hatsarin ya faru. Kan babban mutum yana kai wajen kilo 5, kuma a kan ƙananan ƙasusuwa guda 7 na wuya yake zaune. Da aka daki motar, kujera ta tura gangar jikinka gaba, kai kuma ya tsaya a baya na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya fizgo gaba da ƙarfi. Wannan fizgar ita ke daddage tsokoki da jijiyoyin da suka riƙe wuya, likitoci na ce masa wiflash. Tsokokin nan kuma ba a wuya suka tsaya ba, sun sauko kan kafaɗu har tsakanin allunan baya, shi ya sa zaka ji ciwon har can, wani lokacin kuma ya hau ƙeya ya zama ciwon kai. A wajen hatsari jiki a firgice yake, baka jin komai sosai, kumburin cikin naman kuma a hankali yake taruwa, saboda haka ciwon kan ɗauki awanni kafin ya fito, wani sai washegari. Kuma yakan ƙaru a kwana biyu ukun farko kafin ya fara sauka. Wannan ƙaruwar ita kaɗai ba alamar cewa wani abu ya karye bace.

Hasali ma a wajen likita, ciwon da ya zo daga baya yafi kwantar da hankali a kan wanda ya kama ka nan take. Akwai ƙa'idar da likitocin Kanada suka fitar a 2001 da ake amfani da ita a ɓangaren gaggawa don a gane wa ke buƙatar hoton wuya. Za a tambayi shekarunka, in ka kai 65 hoto za a yi ba ja. Za a tambayi irin hatsarin, in motar ta wuntsula, ko ta cillo ka waje, ko ana zabga gudu sama da kilomita 100 a awa, shi ma hoto. Haka in kana jin hannu ko ƙafa suna mindirewa. In babu ko ɗaya, sai a duba: kayi tafiya da ƙafarka bayan hatsarin? Ciwon daga baya ya zo? In likita ya danna tsakiyar bayan wuyan, kan ƙashin kansa, babu zafi? Daga nan sai yace ka juya kai dama da hagu, in ka iya kaiwa rabin hanya zuwa kafaɗa, wato digiri 45 kowane gefe, galibi baka buƙatar hoto. Don haka in likita ya duba ka da kyau yace ba sai an yi eksire ba, ba wai ya raina ciwonka bane, eksire ƙashi yake nunawa, tsokar da ta daddage ba zata fito a ciki ba. Amma fa wannan gwajin na likita ne, kar ka ga an kwaso mutum daga hatsari kace masa juya wuyanka mu gani.

Wanda babur ya kayar, ko ya faɗo daga adaidaita sahu kansa ya bugi kwalta, lissafinsa daban ne, a duba shi a asibiti ranar ko da ya miƙe da kansa.

Toh mu koma kan mutuminmu na danja, an duba shi an ce tsoka ce. Ya makonnin za su kasance?

Satin farko shi ne mai wuya. Maganin ciwo na yau da kullum ya isa yawanci, farasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500 ga babba, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kar a wuce ƙwaya 8 a awa 24. Ana iya ƙarawa da ibufurofen bayan an ci abinci, sai dai mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai ciki, da mai asma su tambayi likita tukuna. Kuma don Allah wannan haɗin da ake ƙullowa a leda a wasu kemis, diklofenak da ibufurofen da wasu ƙwayoyin da ko sunansu baka sani ba, a bar shi, diklofenak da ibufurofen dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ci maka ciki. Tiramol kuwa ba a ma maganarsa sai likita ya rubuta. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 a kwanakin farko, daga baya tsumma mai ɗumi, duk wanda kaji yafi yi maka daɗi.

Abin da yafi magani muhimmanci kuma mutane suka fi ƙi shi ne motsi. Da can kwalar wuya ake ɗaura wa mutum ace ya kwanta, daga baya aka gano waɗanda suka ci gaba da harkokinsu a hankali sun fi saurin warkewa, wuyan da aka ɗaure makonni ƙara sanƙarewa yake yi tsokar tayi rauni. Saboda haka in dai likita ya tabbatar babu karaya, kar ka je ka sayo kwala da kanka. Ka zauna a kujera, ka juya kai dama a hankali har inda ciwon ya fara ja, ka dawo, ka juya hagu, ka sunkuyar, ka ɗaga, ka juya kafaɗu baya. Kamar sau biyar biyar, sau da yawa a yini, ya fi ka yi da yawa lokaci ɗaya. Zai ɗan ja, wannan ba komai, abin da ba a so shi ne zafi mai harbawa cikin hannu. Filo ɗaya madaidaici da dare, ba a tara uku ba, kuma a rage kwanciya rub da ciki. Waya ma a ɗago ta daidai fuska, sunkuyon nan na awa biyu a kan waya yana mayar da hannun agogo baya. Mata masu ɗaukar bokitin ruwa ko tallan kaya a ka, a ɗaga ƙafa tukuna. Tuƙi kuma sai ranar da zaka iya waiwaye da sauri ba tare da ka ji tsoron ciwon ba, musamman ku 'yan acaɓa da direbobin haya.

Sati na biyu zuwa na uku ya kamata ka ga bambanci, sallamar da ta gagara ta fara yiwuwa, barci ya fara daidaita. Ba a miƙe sauƙin yake zuwa ba, yau ka tashi garau gobe ka hau motar Kano zuwa Kaduna ka sauka wuya ya ɗaure, wannan ba koma baya bane, ka auna sati da sati ba kwana da kwana ba. Yawancin mutane suna warwarewa cikin wata 2 zuwa 3. Amma gaskiya akwai waɗanda nasu yake jan lokaci har ya haura haka, kuma an fi ganin hakan ga wanda ciwonsa ya yi tsanani sosai tun farko, ko wanda hatsarin ya tsaya masa a rai, baya barci, in ya ji ƙarar burki gabansa ya faɗi. Wannan firgicin shi ma a faɗa wa likita, yana da hannu a daɗewar ciwon. In sati ɗaya ya wuce babu alamar sauƙi ko kaɗan, ko maganin baya taɓa ciwon, ka koma asibiti, kuma ka nemi a haɗa ka da likitan fisiyo, kar ka zauna sai wata shida.

Yanzu ga inda ba a jira, ku saurara da kyau. A cikin ƙasusuwan wuyan nan laka ta ratsa, ita ke kai saƙo hannu da ƙafa. In hannu ko ƙafa sun yi rauni, kofi yana suɓuce maka, ka kasa saka maɓallin riga, ƙafa tana harɗewa in kana tafiya, ko kana jin kamar ana tsira maka allurai, ko ka sunkuyar da kai kaji kamar shokin ɗin lantarki ya bi gadon bayanka, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa baka sani ba, wannan asibiti ne yanzu yanzu, ko ƙarfe biyun dare ne. Kuma ba wajen mai ɗori ba, ba wajen mai tausa ba. Wuyan da ƙashinsa ya tsage in aka ja shi ko aka murɗa, mutumin da ya shigo da ƙafarsa zai iya fita a shanye.

Sai abin da ya shafi kai: amai a kai a kai, ciwon kai da yake ta ƙaruwa, barcin da ake tashin mutum da ƙyar, rikicewa, farfaɗiya. Akwai kuma wani da ba a cika sani ba, fizgar tana iya yage bangon jijiyar jinin da ke bi ta wuya zuwa ƙwaƙwalwa, ba kasafai yake faruwa ba amma yana iya bayyana bayan kwanaki. Alamarsa baki ya karkace, magana ta sarƙe, ganin abu bibbiyu, fatar ido ɗaya ta sauko, jiri mai kayarwa, ko ɓarin jiki ya mutu.

Ciwon saman baya shi ma a lura da abin da ya rako shi. In numfashi yana yi maka wuya, ko kana tarin jini, ana tunanin haƙarƙari ko huhu. In ciki yana ciwo ga zafi a kan kafaɗar hagu, ga jiri da gumi mai sanyi, yana iya zama saifa ce ke zubar da jini a ciki, alhali kowa na cewa ai kafaɗa ce ta bugu.

In kuma kai ne ka tarar da hatsarin, mutum yana kwance yana cewa wuyansa, kar a ciccibe shi a naɗe a cusa bayan adaidaita sai in wuta ce ko wani haɗarin zai same shi a wurin. Mutum ɗaya ya durƙusa ta saman kansa ya riƙe kan da hannu biyu yadda ya same shi, in da hular kwano a barta matuƙar yana numfashi, a kira 112 ko 122 na jami'an kiyaye haɗurra in a Najeriya ne. In dole sai ku za ku ɗauke shi, a nemo katako mai faɗi ko ƙyauren ƙofa, mutum uku ko huɗu su mirgina shi a tare, kai da wuya da baya a layi ɗaya, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni.