Minti 5 a kan sitej: yadda ake jera barkwanci daga buɗewa zuwa rufewa

To jama'a, a ce an ba ka minti 5 ka hau sitej ka ba mutane dariya, kai kaɗai da makirfo, ba fim ba ne ba kuma ɗan gajeren bidiyon waya da za a yanke a sake ɗauka ba. Minti 5 ɗin nan shi ne abin da aka fi ba sabon shiga a wuraren da ake buɗe fili kowa ya gwada, wani wajen ma minti 3 ne. Ka riga ka tara barkwancinka, wanda kake yi a majalisa abokai suna faɗuwa. Matsalar ita ce wanne zai zo farko, wanne zai zo ƙarshe, kuma me zai ɗaure su. Bari mu gina guda ɗaya tare, daga sallama har sauka.

Kafin komai, kar ka shirya minti 5 cif. Shirya minti 4 ko 4 da rabi idan kana faɗa a ɗaki da agogon waya, saboda dariya ita ma tana cin lokaci, kuma dole ka tsaya ka bar ta ta wuce. In ka cika minti 5 da magana zalla to ko dai ka taka dariyar mutane ko ka zarce lokacinka, kuma mai shirya taro ya fi yafe maka rashin ban dariya a kan cinye lokacin wanda ke bayanka.

Yanzu buɗewa. Mutanen da ke zaune ba su san ka ba, kuma a sakan 20 na farko abu ɗaya suke tambayar kansu, wannan zai iya kuwa ko kunya za mu ji masa? Aikin barkwancin farko kenan, ya kwantar musu da hankali. Shi ya sa ake son gajere, wanda ka riga ka gwada ka san yana ci, kuma wanda ba ya buƙatar dogon bayani. Masu sana'ar suna da wata ƙa'ida da suke yawan faɗa, wanda ya fi ƙarfi a ajiye shi ƙarshe, mai bi masa a ƙarfi a sa shi farko. Abin da ke kashe sabbin shiga shi ne dogon gabatarwa, ina gaida manyan baƙi, ina gaida iyayenmu mata, sunana wane daga unguwa kaza, yau ne karona na farko ku yi haƙuri da ni. Emsi ya riga ya faɗi sunanka ai. Kuma da ka ce a yi haƙuri da kai ka sa mutane sun fara tausayinka, mai tausayinka kuwa ba ya dariya.

Ga misalinmu. Saurayi ne ya hau sanye da babbar riga da ta fi ƙarfinsa, kowa na gani ya san ba tasa ba ce. Ya zare makirfo, ya matsar da sandar gefe don kar ta tare shi, ya ce:

"Assalamu alaikum. Minti 5 aka ba ni kuma wallahi ba zan wuce ba, don mai rigar nan yana waje yana jira."

Ya tsaya. Aka yi dariya. Tana fara sauka sai ya ƙara:

"Ɗaurin aure zai je." Ya ɗan yi shiru. "Shi ne angon."

Ku lura da abin da ya faru a nan. Ya fara da abin da idon kowa ke kai, wato rigar, kuma kansa ya fara yi wa tsiya kafin ya taɓa kowa, wannan ke ba shi lasisin tsokanar wasu daga baya. Layin farko shimfiɗa ce da duka a haɗe, wato share fage da kuma maganar da ke fashe da dariya, shimfiɗar ta sa ka ɗauka maganar ladabi zai yi kan lokaci, dukan ya juya ta. Layuka biyun da suka biyo baya kuwa gyara ce, irin wadda mai awo ke ƙara maka bayan ya cika mudu, ba ka sake biyan wata shimfiɗa ba amma ka sami ƙarin dariya. Sannan abu mafi muhimmanci wanda masu kallo ba su sani ba, ya dasa musu abu biyu a ka, riga da ango. Ajiya ce, zai dawo ya ɗauka.

Af, wata 'yar magana. Mu muna da wasan barkwanci na gado, Kanawa da Zagezagi, Barebari da Fulani, kuma da yawa suna son buɗewa da shi don yana da sauƙi. Ni dai ban ba da shawarar ya zama na farko ba. Yana ci ne in akwai ɓangarorin biyu a wajen kuma sun riga sun sake da kai, in ba haka ba sai ya fito kamar baƙo ya shigo gida yana zagi. Bar shi zuwa minti na 3 in ma za ka yi.

Tsakiya ba sai mun daɗe a kai ba. Batutuwa 2 sun isa, in ya yi yawa 3, kuma kowanne ya miƙa wa na gaba hannu. Saurayinmu daga maganar ango ya zame zuwa neman aurensa shi kansa, ba sai ya ce "to yanzu bari in ba ku wani labari" ba, maganar aure ta riga ta buɗe ƙofa. Ya ce ya je gaida baban budurwarsa, baban ya ce shi ba ruwansa da kuɗi, abu uku kawai yake dubawa a wajen suruki:

"Addini, tarbiyya, da sola."

Biyu na farko sun shata hanya, na uku ya kauce. Da abu biyu ya lissafa hanyar ba ta shatu ba, da huɗu ne kuma an gaji kafin a iso. Kuma kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ce ta ƙarshe a jimlar, da ya faɗe ta ya rufe baki. In ya ce "da sola yake so a ce kana da ita a gidanka" ya binne dariyar da ransa, don mutane za su haɗiye ta su jira ya gama magana. In kana da sabon barkwanci da ba ka tabbatar da shi ba, nan tsakiya ne wajensa, tsakanin guda biyu masu ƙarfi, in ya mutu na gaba ya ɗauke ka.

Sai waiwaye, wato ka dawo da wani abu da ka riga ka faɗa a baya amma a cikin wani sabon yanayi. Me ya sa yake aiki haka? Saboda a majalisa abin da ya fi ba ku dariya shi ne wanda ku kaɗai kuka san tushensa, wani ya faɗi kalma ɗaya kowa ya fashe, baƙo yana ta kallon ku. To waiwaye yana ƙirƙirar irin wannan tsakaninka da mutanen da minti 3 da suka wuce ba su san ka ba. Saurayinmu yana cikin labarin gaisuwar sai ya ce baban ya ƙura masa ido ya ce:

"Yaro, rigar nan ta yi maka kyau. Kamar na san ta."

A takarda wannan layin ba komai ba ne. Wanda ya shigo a makare ba zai gane me ake wa dariya ba. Amma wanda ya ji buɗewar zai haɗa da kansa, kuma haɗawar da ya yi da kansa ita ce daɗin. Don haka kar ka taimaka masa, kar ka ce "kun tuna rigar da na ce ta aro ce", da ka yi bayani ka kashe shi.

Sharuɗɗan waiwaye kaɗan ne amma ba a tsallake su. Abin da za ka waiwaya dole ya zama ya ci a karon farko, in an yi tsit lokacin da ka faɗi maganar riga to dawo da ita tunatar da mutane ne cewa ɗazu ka sha ƙasa. Dole a sami tazara, aƙalla wani batu daban ya shiga tsakani har a ɗan manta, in ka dawo da shi bayan sakan 10 wannan gyara ce kawai. Kuma dole ya zo da sabon abu, a nan sabon abin shi ne tambayar da ya bari a rataye, ina baban ya san rigar? A minti 5 waiwaye 2 sun wadatar, in ka yi 4 mutane za su gane barkwanci ɗaya ka zo da shi kake ta juyawa.

Rufewa. Yawancin wurare ana yi maka alama idan saura minti 1, wani wajen fitila ce, wani wajen emsi ne zai ɗaga hannu ko ya haska tocilan waya, ka tambaya tun kafin ka hau. Da ka ga alamar, ka gama wanda kake ciki ka tafi kai tsaye ga na rufewa ko da akwai sauran abu a tsakiya. Tsakiya ake yankewa, ba a taɓa ƙarshe. Don haka ka san tsawon na rufewarka da sakan, namu bai kai sakan 40 ba. Saurayinmu yana cikin shimfiɗar yake jawo sandar ya mayar da makirfo, don kar a ce an gama dariya shi kuma yana can yana kokawa da waya da ƙarfe. Sai ya sassauta murya kamar da gaske yake:

"Ƙarshe dai ba a ba ni ita ba. An ba wani mai sola. Yau ma ake ɗaurin auren. Kuma wallahi ban riƙe shi a zuciya ba, Allah ya ba su zaman lafiya. Abin da na riƙe kawai... rigarsa."

Kun ga duk ajiyar ta fito lokaci ɗaya, riga, ango, sola, har da dalilin da ya sa baban ya san rigar. Ku duba jerin kalmomin kuma, zai iya cewa "rigarsa kawai na riƙe", ma'ana ɗaya ce, amma a haka sirrin ya fita tun farkon jimla saura kalmomi uku suna jan ƙafa a bayansa. Dariya na sama ya ce na gode, ya sauka. Kar ka ƙara wani don ka ga an yi dariya, ɗan ƙarin nan shi ke mayar da tafi ya koma shiru.

To in buɗewar ba ta ci ba fa? Wannan ita ce kasadar rufewa da waiwaye, duk ginin a kan rigar yake. Shi ya sa za ka riƙe na rufewa na biyu a aljihu, wanda ke tsaye da ƙafarsa ba ya jingina da komai, in ka ji maganar riga ta wuce shiru sai ka tsallake layin baban ka rufe da wancan.

Jerin kuma ka rubuta shi a 'yar takarda, kalma ɗaya ga kowane barkwanci, riga, ango, sola, baba, zuciya, ba cikakkun jimloli ba don in ka rubuta jimla karantawa za ka yi. Ka ba wani wayarka ya ɗauki rikodin. Da ka koma gida ka saurara da biro a hannu, duk inda aka yi dariya ka rubuta sakan nawa ne, duk inda ka ga an yi sakan 30 babu ko guda to shimfiɗar wajen ta yi tsawo, ka rage ta kafin hawa na gaba.