Fawa banki uku da muke saidawa, da aibin kowanne

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da ƙanina Bashir kamar kullum, sannan ga Malam Sani mai gyaran waya a Fam Santa nan Kano. Malam sannu da zuwa.

Malam Sani: Yauwa Hajiya, sannunku dai.

Bashir: Ni fa Yaya yau da ƙorafi na zo. Rubutun nan da kika yi na kwatanta fawa bankin shagonmu guda uku, na karanta shi jiya da daddare, wallahi kamar wadda take so kasuwa ta mutu. Wa yake rubuta cewa kayansa na da nauyi, ko ba ya cika da wuri?

Hadiza: Toh ai shi ya sa na kira Malam, ya raba mana gardama. Bari in fara da ƙaramin, mai 10,000mAh. Na rubuta cewa wayar da batirinta yake 5,000mAh zai cika ta sau ɗaya da rabi ne, ba sau biyu ba.

Bashir: Nan ne ma na farko. Dubu goma a raba da dubu biyar ai biyu ne, ko ɗan firamare ya san wannan.

Malam Sani: A allo biyu ne Bashir, a cikin waya kuma ba haka ba ne. Dubu goman nan da ka gani a kwali, an auna shi ne a kan bolt 3.7, wato ƙarfin batirin da ke ciki. In ka ninka dubu goman da 3.7 ka raba da dubu za ka samu 37Wh, shi ne ainihin wutar da aka tara, kuma galibi in ka juya bayan fawa bankin za ka ga an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe. Toh ita waya ba ta karɓar wuta a 3.7 ta bakin caji, sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, ta shiga wayar kuma a sake sauke ta, kowane juyi sai wani abu ya tafi a zafi. Ɗumin nan da kake ji a hannunka in kana caji, wutarka ce take tafiya. Abin da zai isa wayar bai wuce 28Wh zuwa 30Wh ba, ita kuma waya mai dubu biyar tana shan wajen 19Wh. Ka ga ɗaya da rabi kenan, in kuma kana latsa wayar tana caji ko hakan ma ba za ka samu ba.

Bashir: Toh amma sauran masu saidawa ai ba sa faɗa.

Hadiza: Ba sa faɗa, sai kwastoma ya kira bayan kwana biyu ya ce an sayar masa da jabu, alhali kayan lafiyarsa ƙalau lissafin ne ba a yi masa ba. Kuma mu da muke aikawa da kaya a mota har Katsina da Gusau, in aka dawo da shi kuɗin motar zuwa da dawowa a kan wa yake?

Bashir: A kanmu.

Hadiza: Toh ka gani. Na biyun shi ne babban, mai 20,000mAh, shi aka fi tambaya, kuma gaskiya yana cika irin wayar nan wajen sau uku. Amma na rubuta aibinsa biyu. Nauyinsa ya kusa rabin kilo, in ka sa shi a aljihun kaftani sai rigar ta karkace gefe ɗaya. Aibi na biyun shi ya fi damuna, wannan samfurin namu wat 10 kawai yake karɓa in ana yi masa caji.

Malam Sani: Wannan kam dole a faɗa. 74Wh ne a cikinsa, in yana shan wat 10 lissafi ya ba ka awa bakwai da ɗoriya, ka ƙara asarar zafi da yadda caji yake rage gudu in ya kusa cika, sai ka ga awa tara ko goma. Yanzu mutumin da unguwarsu ake kawo wuta awa uku a ɗauke, yaushe zai cika shi? Kullum a rabi zai riƙa yawo da shi, ya biya kuɗin babba yana cin amfanin ƙarami, ga dakon nauyi.

Bashir: In ya sa masa cajar nan mai sauri fa?

Malam Sani: Ko cajar wat 65 ka sa masa goman nan dai zai ja, shi ke yanke abin da zai sha ba cajar ba. Ka duba inda aka rubuta Input a jikinsa, in ka ga 5V/2A kaɗai toh wat goma ne. Ƙaramin naku na ga akwai 9V/2A a bakin Type-C ɗinsa, wat 18 kenan, wajen awa uku ya cika in cajar da igiyar masu kyau ne.

Hadiza: Shi ya sa a rubutun na ce wanda wutarsu ba ta daɗewa, ko wanda yake kai caji shago, ƙaramin ya fi masa, duk da ribarmu ta fi yawa a babban. Babban na matafiyi ne, ko mai sola a gida da zai bar shi a jone ya kwana.

Bashir: Wannan na yarda. Amma na ukun fa Yaya, mai solan nan, kin ce kar a saye shi don solarsa. Haba! Toh don me za a saya?

Hadiza: Don fitilarsa mai haske ce sosai, kuma jikinsa roba ne mai kauri yana jure faɗuwa. Amma faifan solan da bai wuce tafin hannu ba, Malam faɗa masa.

Malam Sani: Irin wannan faifan wajen wat ɗaya yake bayarwa, shi ma sai rana ta take. Batirin ciki 37Wh. Awa talatin da bakwai kenan na rana mai ƙarfi ko ba a cire asara ba, in ka samu awa shida a yini ka ga kusan sati guda kana shanya shi kamar kuɓewa. Kuma shanyawar ita ce matsalar, batirin litiyom ba a so a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, mu kuma nan a watan Afrilu iskar gari ma tana wuce 40, balle baƙar roba da aka ajiye a kan kwano da azahar. Ana kawo min su sun kumbura, murfin ya ɗage ta gefe, in ka ajiye shi a tebur yana rawa bai zauna daidai ba. Da ka ga haka ka daina jona shi, kar kuma ka danne shi wai ya koma.

Bashir: Amma akwai 'yar fitilar da take kamawa in an sa shi a rana, kwastomomi ita suke gani su ce yana caji.

Malam Sani: Ko a inuwar bishiya za ta kama, wani ma a ƙarƙashin ƙwan ɗaki. Tana nuna faifan ya ga haske ne kawai, ba ta gaya maka nawa ne yake shiga.

Hadiza: Don haka na sa a rubutun a yi masa caji da wutar nefa kamar sauran, solar a bar ta sai ranar da aka rasa yadda za a yi, ko za ta ba da na kira ɗaya ko biyu.

Bashir: Toh ni dai abu ɗaya nake roƙo, hoton nan da ke kan kwalin, na mutum a daji ya rataya shi a jaka rana na dukansa, kar mu sa shi kusa da wannan bayanin, sai a ce muna ƙaryata kanmu.

Hadiza: Na cire shi tun safe. Kai za ka ɗauki sabo gobe, ka ɗora kowanne a kan sikelin kicin ɗin Umma yadda lambar nauyin za ta fito, sannan ka ɗauki bayansu inda aka rubuta Input da kyau a iya karantawa.

Bashir: Sai dai ke ki je ki aro sikelin, ni ta hana ni taɓa shi.