Darasi: Yadda Za Ka Kwance Tambayar "E ko A'a" a Zaman Tattaunawa da Ɗalibai

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna kan semina ne, wato zaman da ɗalibai goma sha biyar ko ashirin suka karanta abu kafin su zo. Raba karatu da tsara kujeru duk kun san wannan, ba zan tsaya a kai ba.

Bari mu ɗauki darasin tarihi, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Ga tambayar da na rubuta a allo: "Shin zaluncin sarakunan Gobir ne ya jawo jihadi?" Ɗalibi zai ce "E, Malam," shi ke nan ya gama aikinsa, magana ta dawo bakinka. Kuma wanda bai buɗe takarda ba ma zai iya cankar amsa daidai, tunda biyu ce kawai. Ga wani abin da ya fi damuna: ka riga ka saka amsar a cikin tambayar. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya musa wa babba, yana jin muryarka ya san inda ka karkata, can zai bi. Shi ya sa "Kun gane?" kullum amsarta "Mun gane."

To yaya ake gyarawa? Fara cire "shin". Ka kuma lura da 'yar "ko?" ɗin nan da muke liƙawa a ƙarshen magana, ita ma ta tafi. Sai ka kawo "yaya", "me", ko "wanne". Mu gwada: "Me kuke gani game da jihadin?" A'a, ku dakata, bari in goge wannan. Ta buɗe, amma ta yi faɗi da yawa.

Nan ne wurin da nake so mu daɗe, don nan mutane suke faɗuwa. Malami ya ji an ce a buɗe tambaya, sai ya buɗe ta har ɗalibi ya rasa ta inda zai kama. Za ka gane haka idan ɗakin ya yi tsit kowa yana kallon takardarsa, ko kuma mutum ɗaya mai baki ya kama zuba abin da ya haddace tun sakandare. Tambaya mai kyau tana da ƙofa a buɗe amma tana da iyaka: lokaci, wuri, ko abubuwa biyu da za a auna. Ku duba wannan: "Tsakanin koken jama'a kan haraji irin su jangali, da takurawar da Sarkin Gobir Yunfa ya yi wa jama'ar Shehu, wanne ya fi bayyana hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma me kuka gani a karatun da ya nuna haka?" Ta yi tsawo, na sani, shi ya sa ni na fi son in rubuta ta a allo tun kafin su shigo. Amma yanzu dole ɗalibi ya zaɓa, dole kuma ya kawo hujja, kuma na kusa da shi yana da abin da zai ƙalubalanta.

Wani zai ce, ai sai in yi tambayata ta "e ko a'a" sannan in ƙara da "don me?" Yana aiki wani lokaci. Sai dai "don me ka ce haka?" daga bakin malami tana kama da tuhuma, ɗalibi sai ya janye. Ka ce, "Me ya kai ka ga wannan ra'ayi?" ko "Ke kuma Malama, wane ɓangare na maganarsa ne bai gamsar da ke ba?"

Sannan ka yi shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin azuzuwa ta gano cewa malamai ba sa jiran da ya wuce kamar daƙiƙa ɗaya bayan tambaya. Ta gabatar da wannan a 1972. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu magana suka ƙaru. Buɗaɗɗiyar tambaya tana buƙatar tunani, in ka gaji da shirun ka ce "wato harajin ne ko?" ka sake rufe ta da hannunka. Ni nakan ƙirga har biyar a zuci.

Tambayar "e ko a'a" tana da wurinta, misali ka ce a ɗaga hannu: su wa suka zaɓi haraji, su wa suka zaɓi takurawa? Daga nan ka haɗa ɓangarorin biyu su yi wa juna bayani. Wanda yake son mu gyara tambayoyinsa tare, ya kawo guda uku daga darasinsa a zamanmu na mako mai zuwa, za mu ɗora su a allo ɗaya bayan ɗaya.