Yadda ake tsane shayi ko jar giyar inabi daga darduma ba tare da dirzawa ba

Wannan da kuke gani a gabanku darduma ce mai launin madara, kuma yanzun nan muka kifar da rabin kofin shayi a kanta da gangan, domin mu nuna muku abin da ya kamata hannu ya yi a mintuna biyar na farko. Abin da yawancin mutane suke yi idan haka ta faru shi ne su wawuro tsumma su hau dirzawa da ƙarfi, sai dai wannan dirzawar ita ce take mayar da ɓarin da zai iya fita gaba ɗaya ya zama tabon da zai zauna shekara da shekaru. Aikin da ake buƙata dannawa ce da ɗagawa, wato a sa ƙyalle mai shan ruwa ya tsotse abin da ya zube tun bai kama zaren ba.

Kafin mu taɓa wurin, ya dace a san abin da ake fama da shi. A cikin ganyen shayi akwai wani sinadari da ake kira tanin, kuma danginsa ne yake cikin bagaruwar da majema suke jiƙa fata da ita. Dalilin da ya sa bagaruwa take jeme fata shi ne tanin yana kama furotin ya riƙe shi tamau. To, ulu gashin tumaki ne, kuma gashi furotin ne, saboda haka shayin da aka bari ya bushe a kan dardumar ulu yana yi wa zaren kusan abin da bagaruwa take yi wa fata. Jar giyar inabi tana ɗauke da tanin ita ma, ga kuma jan launin da ke fitowa daga ɓawon inabi, wanda iri ɗaya ne da launin da ke cikin zoɓo. Don haka duk abin da za mu faɗa a kan giyar, wanda zoɓo ya zube masa a falo zai iya bin sa tiryan-tiryan.

Yanzu ku dubi hannuna. Na ɗauko farin tawul na auduga, busasshe, na ninke shi gida huɗu. Farin na zaɓa saboda dalilai biyu: tawul mai launi yana iya zubar da rininsa a kan darduma, sannan farin ne yake nuna maka ko har yanzu akwai sauran shayi da ke fitowa. Na ɗora shi a bakin tabon, ba a tsakiya ba, na danna da tafin hannu da nauyin jikina na ƙirga daƙiƙa goma, sannan na ɗaga shi sama tsaye ba tare da na ja shi gefe ba. Ga shatin ruwan ƙasa ya fito a jikin tawul. Sai na juya zuwa ɓangaren da bai jiƙe ba, na matsa kaɗan zuwa ciki, na sake dannawa. Ana farawa daga gefe ne a nufi tsakiya, domin idan aka fara danna tsakiya inda ruwan ya fi taruwa, zai gudu waje ya faɗaɗa tabon. Idan darduman mai kauri ce, a taka tawul ɗin da diddige, nauyin mutum ya fi hannu fitar da ruwan da ya gangara ƙasa.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa da shi. Idan darduman tana ɗaguwa, a ɗaga ta a shimfiɗa leda a ƙasa, a ɗora wani tawul a kan ledar, sannan a mayar da darduman. Da haka ruwan da ya ratsa zai sami abin da zai sha shi ta ƙasa, kuma ba zai kwanta a kan siminti ko tayil ya riƙa komawa cikin saƙar ba.

Me ya sa nake ta nanata a guji dirzawa? Silin gashin ulu, idan aka duba shi da madubin ƙara girma, yana da ƙananan ɓawo a jere kamar na kifi. Idan ruwa da zafi da gogayya suka haɗu a kansa, waɗannan ɓawon sai su sarƙe da juna, wurin ya dunƙule ya yi tauri, kuma babu wani wanki da zai dawo da shi yadda yake. Na sha ganin dardumar da tabon ya fita tas amma wurin ya zama kamar an yi masa faci, domin buroshi ya riga ya ci zaren, kuma wannan ya fi ba ni takaici fiye da tabon kansa. Zaren roba ba ya dunƙulewa haka, amma dirzawa tana warware murɗin silinsa, sai wurin ya yi buzu-buzu ya riƙa ɗaukar haske dabam da sauran darduman.

Mun yi dannawa kusan sau goma sha biyu, tawul ya daina jiƙewa, amma ga sauran launi a wurin. A nan ne ruwa yake shigowa, kuma ruwan sanyi ne na randa ko na famfo, ba ruwan zafi ba, domin zafi yana ƙara wa launin kama zare, kamar yadda ake ɗumama ruwa idan ana so rini ya kama ulu. Ba a kwarara ruwan. Cokali biyu ko uku na cin abinci ake yayyafawa a kan tabon, a ba shi ɗan lokaci ya sirka abin da ya rage, sannan a danna da busasshen tawul. A maimaita sau uku ko huɗu. Idan an riski ɓarin da wuri, sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa, musamman a kan ulu, wanda bayan silinsa yake ɗan ƙin ruwa da farko, har ka ga ɗigon ya tsaya a sama kafin ya nutse.

Namu bai gama fita ba, saboda haka za mu haɗa ruwan wanki. Ga kofi ɗaya na ruwa mai ɗan ɗumi, kimanin mililita 250, mun zuba rubu'in ƙaramin cokalin shayi na sabulun ruwa na wanke-wanke, wanda babu bilic a cikinsa. Ma'aunin ya yi kama da kaɗan, amma haka ake so, domin sabulun da ya yi yawa ba ya ɗaurayuwa, yana zama a cikin zare da danƙo ya riƙa kama ƙura, bayan 'yan makonni sai a ga wurin ya yi baƙi. A wani kofin dabam mun haɗa farin ruwan kal kashi ɗaya da ruwa kashi biyu. Kafin a sa ko ɗaya a kan tabon, a gwada su a wani lungu na darduman da ba a gani, a danna farin ƙyalle a kai na minti ɗaya. Idan launin darduman ya fito a jikin ƙyallen, to rininta yana zuba, a tsaya a ruwa zalla kawai a nemi masu sana'ar wankin darduma.

Tamu ba ta zuba ba. Na tsoma ƙyalle a ruwan sabulun, na matse shi har ya daina ɗiga, ina dangwala shi a kan tabon daga gefe zuwa ciki. Zan bar shi minti biyar, sannan in danna da busasshen tawul. Bayan haka sai ruwan kal ɗin, shi ma ta hanyar dangwalawa, domin ɗan tsamin da ke cikinsa yana sassauta tanin kuma ulu yana jure shi. Na ƙarshe shi ne ɗauraya da cokula kaɗan na ruwa zalla, a kuma tsane. Idan shayin mai madara da sukari ne, kada a tsallake matakin sabulun ko da launin ya ɓace, domin maiƙon madarar da ya rage zai yi tsami ya yi wari, sukarin kuma ya jawo tururuwa.

A kan ulu akwai abubuwan da ba a kusanta ko kaɗan. Bilic yana narkar da ulu, ba launi kaɗai yake cirewa ba. Kanwa da garin sabulun wanki da sabulun sanda duk suna da kaifin da yake raunana gashin, kuma suna ƙara duhun tabon shayi. A kan jar giya ko zoɓo ma abin a bayyane yake, domin da zarar kanwa ta taɓa jan launin sai ya rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Gishirin da wasu suke barbaɗawa a kan giyar da ta zube ban ba da shawararsa ba, tawul ya fi shi shan ruwa, kuma ba ya barin tsaki a gindin zare.

Dardumar roba tana da ɗan sauƙi, amma ita ma iri-iri ce. Zaren folifirofilin da na foliyesta kusan ba sa shan ruwa, saboda haka shayin yana zama ne a tsakanin silin, kuma dannawa da ɗauraya sukan fitar da shi. Nailan kuwa yana karɓar launi kusan kamar ulu, don haka shi ma yana son gaggawa. Idan ɗan shati ya rage a kan dardumar roba mai hasken launi, ana iya dangwala ruwan haidirojin na kemis, wato wanda ake wanke ciwo da shi, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, bayan an gwada shi a lungu, a bar shi kamar awa ɗaya sannan a ɗauraye. Wanda bai san ko dardumarsa ulu ce ko roba ba, ya tsinko sili ɗaya daga gefe ya kusantar da shi ga wutar ashana a can nesa da darduman: ulu yana ƙaurin ƙonannen gashi ya bar tokar da ke murmushewa a yatsa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri.

Saura busarwa, kuma a nan ne mutane da yawa suke ganin tabon da suka zaci ya tafi ya dawo washegari. Abin da ke faruwa shi ne ragowar shayin da ya kwanta a gindin saƙa yana biyo zare ya hau sama yayin da saman yake bushewa, kamar yadda kananzir yake bin lagwanin fitila. Maganinsa shi ne a ninka busasshen farin tawul har ya yi kaurin yatsa biyu, a ɗora a wurin, a sa leda a kansa, a danne da abu mai nauyi kamar tarin littattafai, a bar shi ya kwana. Duk abin da ya taso cikin dare tawul ɗin zai shiga. Da safe a ɗauke, a ɗaga wannan ɓangaren darduman a kan kujera domin iska ta ratsa ta sama da ƙasa, a kunna fanka, kuma kada a shanya dardumar ulu a tsakiyar rana domin launinta yana koɗewa. Idan ta bushe sarai, a shafa wurin da tafin hannu ta inda gashin yake kwanciya, sannan a dube shi da hasken rana ta taga. Idan an ga ɗan zobe mai ruwan ƙasa a gefen wurin, a sake yayyafa ruwan kal ɗin nan, a tsane, a mayar da tawul da nauyin ya ƙara kwana ɗaya.