Darasi: sake ƙimar fili da gini, idan daraja ta hau sannan ta faɗi

Assalamu alaikum, ɗalibai da masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau za mu bi kadarar kamfani guda ɗaya daga saye zuwa lokacin da darajarta ta hau, har zuwa lokacin da ta rikito. Ku ɗauko biro da takarda, domin darasin yau ba a riƙe shi da ka.

To, kamfani ya sayi fili da gini a kai. Abu na farko, a littafi ba a haɗa su, saboda gini yana tsufa, fili kuwa galibi ba a yi masa ragin tsufa. Mu ce filin miliyan 30, ginin miliyan 100, kuma an ƙiyasta ginin zai yi amfani shekara 50. Kenan kowace shekara ana rage masa miliyan 2. Bayan shekara 10 an rage miliyan 20, saura miliyan 80 a littafi.

A ƙarshen shekara ta 10 ɗin sai kamfani ya kira ƙwararren mai ƙiyasta kadara. Ya duba, ya ce filin yanzu ya kai miliyan 50, ginin kuma miliyan 120. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IAS 16, wadda ta shafi kadarori irin su fili da gini, ta yarda a rubuta sabuwar darajar, da sharaɗin a yi wa duk kadarorin rukunin, ba a tsinci waɗanda suka hau a bar waɗanda suka faɗi ba.

Nan ne ɗalibai da yawa ke fara zamewa. Sai ka ga mutum ya ɗauki 120 ya debe 100, ya ce ƙarin 20 ne. A'a. Da abin da ke littafi a ranar ake gwadawa, wato 80. Saboda haka ƙarin ginin miliyan 40 ne, na fili kuma miliyan 20. Hanyar da aka fi bi wajen shigar da na ginin ita ce a yi debit na miliyan 20 a asusun ragin tsufa da ya taru don a goge shi, a yi debit na wani miliyan 20 a asusun ginin don ya tashi daga 100 zuwa 120, sannan a yi kiredit na miliyan 40 a asusun rarar sake ƙima.

Me ya sa ba a kai wannan ƙarin cikin ribar shekara ba? Saboda ba a sayar da komai ba, ko sisi bai shigo ba. Ƙarin yana bi ta sashen da za ku ga an rubuta OCI, wato wurin da ake sa ƙari ko ragin da ba a lissafa cikin riba ba, ƙasan ribar shekara a rahoton kuɗi, daga nan ya je ya zauna a ɓangaren jarin masu kamfani, a matsayin ajiya mai zaman kanta.

Yanzu ku saurara da kyau, don abin da zan faɗa shi ne zai yanke hukunci can gaba. Ginin ya koma miliyan 120, saura masa shekara 40. Ragin tsufa ya zama miliyan 3 a shekara, alhali a da miliyan 2 ne. Duka miliyan ukun ake cajewa a lissafin riba da asara, ba a rage komai. Amma ƙa'ida ta ba kamfani dama, kowace shekara ya ɗauki bambancin nan na miliyan 1 daga rarar sake ƙima ya mayar cikin ribar da aka tara. Daga ajiya zuwa ajiya ake yi kai tsaye, ba ya ratsa ribar shekara. Kuma zaɓi ne, ba dole ba. Ni dai na fi son a riƙa yi, za ku ga dalili yanzun nan.

Shekara 5 suka wuce. Ginin a littafi ya zama 120 a debe 15, wato miliyan 105. Idan ana yin sauyin nan na shekara-shekara, rarar ginin ta sauko daga 40 zuwa 35. Sai kasuwar gidaje ta karye. Mai ƙiyasi ya dawo ya ce ginin miliyan 60 ne yanzu, filin kuma 45.

Na fili babu wahala. Ya sauka da miliyan 5, yana da rarar 20, sai a debe a nan, saura 15. Ribar shekara ba ta ma san an yi ba.

Ginin fa? Daga 105 zuwa 60, faɗuwar miliyan 45 ce. Ana fara cinye rarar da ginin ke da ita, miliyan 35, ta hanyar OCI, har asusun ya koma sifili. Ragowar miliyan 10 ba ta da wurin fakewa, sai ta tafi lissafin riba da asara a matsayin asarar shekarar. Rarar kadara ba ta sauka ƙasa da sifili.

Na san wani zai ce, Malam, ai ga miliyan 15 can zaune a rarar fili, me zai hana a toshe ramin da ita? Ba a yi. A rahoton kuɗi adadi ɗaya za ku gani na rarar, amma a bayan fage kowace kadara da nata kason, kuma faɗuwar kadara ba ta cin sai abin da ita kanta ta tara. Shi ya sa rajistar kadarori dole ta nuna rarar kowace ɗaya daban. Idan kuka ga gini ya faɗi warwas, ribar kamfani kuma ba ta motsa ba, ku nemi wannan rajistar ku duba.

Ga yadda za ku tabbatar da amsarku. Ku ɗauka ba a taɓa sake ƙima ba. Shekara 15 ana rage miliyan 2, an rage 30, ginin zai kasance miliyan 70. Sabuwar daraja 60. Bambancin nawa? Goma, daidai da asarar da muka samu. Wato abin da ya shiga riba da asara shi ne iya abin da ginin ya faɗi ƙasa da lissafin kuɗin saye. Dalilin da ya sa na fi son sauyin kenan.

To, da kamfanin bai riƙa yin sauyin ba fa? Rarar tana nan 40 cif, za ta shanye 40, asarar da za ta fito 5 ce kawai. Gini ɗaya, faɗuwa ɗaya, amma ribar shekarar ta bambanta da miliyan 5. Jimillar jarin masu kamfani kuwa ɗaya ce a duka biyun, abin da ya canza shi ne wane asusu ya ɗauki nauyin. Don haka a jarrabawa, kafin ku taɓa lissafi, ku karanta tambayar ku ga ko ta ce kamfanin yana yin sauyin.

Idan kuma daga baya ginin ya sake hawa, sai tsarin ya juya. Ana fara mayar da asarar da aka caje a baya cikin ribar shekara, abin da ya haura ne ke komawa rarar. Ban sa harajin da ake jinkirtawa a lissafin yau ba, IAS 12 ke magana a kansa, kuma yana rage abin da ke zama a rarar. Ginin da aka ajiye don haya kuma yana ƙarƙashin IAS 40, kada ku yi masa wannan lissafin.

Aikin gida: ku bar komai yadda yake, amma ku ce ginin ya faɗi zuwa miliyan 75. Ku nemo abin da zai saura a rarar, da sauyi da kuma babu sauyi. Da shi za mu buɗe darasi na gaba, in Allah Ya kai mu.