Uku cikin takwas kashi nawa ne cikin ɗari?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗauko biro da takarda, mu yi lissafin nan tare.

Mai gona ya samu buhu takwas na masara, ya sayar da uku. Ya sayar da uku cikin takwas ke nan, wanda a makaranta ake rubuta 3/8, ana karanta shi uku bisa takwas. To, da amfanin nan kashi ɗari aka yi masa, kashi nawa ya sayar?

Ku fara da takwas ɗin da ke ƙasa. Buhu takwas su ne amfanin gonar gaba ɗaya, wato ɗari bisa ɗari. Sai mu raba ɗari gida takwas mu ga rabon kowane buhu. Takwas sau goma sha biyu, casa'in da shida. Saura huɗu, kuma huɗu rabin takwas ne. Ke nan kowane buhu ya tashi da sha biyu da rabi, 12.5. Buhu uku kuwa, sha biyu da rabi sau uku: talatin da bakwai da rabi. Ga shi a allo:

3 ÷ 8 × 100 = 37.5%

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne wajen rabawa. Sai yaro ya ga takwas ta fi uku girma, ya juya, ya raba takwas da uku, ya ninka sau ɗari, ya samu wajen 267. Kafin ku yarda da amsa, ku auna ta da rabi. Rabin takwas huɗu ne, uku ba ta kai huɗu ba, don haka amsar ba za ta kai hamsin ba. Kun ga 267 ta tona asirin kanta.

Yanzu mu komo da baya. An ba ku 37.5%. Alamar nan ta % tana nufin "bisa ɗari", sai ku rubuta 37.5/100. Ɗigon nan ne ke damun mutane. A ninka sama da ƙasa sau goma, ya ɓace: 375/1000. Lallai duka biyun, ba sama kaɗai ba.

Sai ragewa. Ba dole ne ku hango babbar lambar da za ta raba su lokaci ɗaya ba. Ku bi da biyar, tunda ɗaya ta ƙare da biyar, ɗaya da sifili. Rabawar farko, 75/200. Ta biyu, 15/40. Ta uku, 3/8. Babu sauran lambar da za ta raba uku da takwas tare, sai a tsaya.

Amma ku kula da ɗaya bisa uku. Ita 33.333... take bayarwa, ukun ba ta ƙarewa. In kuka datse ta a 33%, komowarku 33/100 za ta ba ku, ba 1/3 ba. Ku rubuta 33⅓%.

Ku gwada 5/8 yanzu, da wannan sha biyu da rabi ɗin, sannan ku mayar da amsar inda ta fito.